"Ai ni a baki nake tsayar da hayaƙin": muhawara kan siga, lofe da sigari a zauren 'yan Arewa mazauna Legas

Nura Obalende: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya, kuma don Allah wanda ya sani ya amsa min da ilimi. Yayana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya riƙe ni tun zuwana Legas, ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana shan sigari, kwali guda a rana. Bara tari ya matsa masa, ya ce ya bari, muka yi ta murna. Ashe sauya taba ya yi. Yanzu siga yake sha, wato ƙatuwar tabar nan mai ruwan ƙasa da ake naɗewa da ganyen taba, irin ta mutanen Kuba. Wani abokin harkarsa a Ikoyi ne ya koya masa. Biyu yake sha a rana, ɗaya a mota in zai koma gida, ɗaya bayan isha'i a baranda. In na yi magana sai ya ce, "Nura, wannan ba a zuƙarta, a baki ake tsayar da hayaƙin a fesar, huhuna bai ma san ana yi ba." Shin gaskiya ne? Abin da ya tayar min da hankali, jiya muna cin abinci ya ce yaji na damunsa, ya nuna min gefen harshensa, na ga wani farin tabo kamar an ɗiga nono ya bushe. Ya ce ya kai wata guda a wurin.

Auwal Canji: Wa alaikumus salam. Malam Nura kwantar da hankalinka. Yaya yana da gaskiya. Ni ma nakan sha ɗaya in an yi babban ciniki. Sigari shi ne mugu, saboda takarda ake ƙonawa da sinadaran kamfani, kuma har huhu yake kaiwa. Siga kuwa zallar ganye ce, ba takarda, kuma hayaƙin ba ya wuce baki. Na taɓa karantawa cewa masu shan siga ba sa kamuwa da kansar huhu kamar masu sigari. Tabon kuma wataƙila cizon harshe ne.

Maman Ihsan: Allah ya shirya mana. Ni dai wannan abin shi ya lalata yaran unguwarmu a Agege. Suna taruwa su kewaye tukunya ɗaya da tiyo, wai ruwan da ke ciki yana wanke hayaƙin, har da 'yan mata. Ka gaya wa yayanka ruwan nan ba ya wanke komai.

Nura Obalende: Maman Ihsan ba shisha nake nufi ba, wannan ba tukunya ba ruwa. Kara ɗaya ne mai kauri kamar babban yatsa.

Maman Ihsan: To na gane, a yi min afuwa. Amma duk kanwar ja ce a wurina.

Dakta Bilkisu: Salamu alaikum. Ni likitar haƙori ce, baki nake dubawa kullum, don haka wannan magana ta shigo gonata. Malam Nura, bari in fara da abin da ya fi gaggawa kafin a shiga gardama. Duk wani gyambo ko tabo, fari ko ja, da ya zauna a baki ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba, sai likita ya gani da idonsa. A bakin mai shan taba kuwa, kuma a gefen harshe, ba a jira. Ban ce maka kansa ce ba, da yawa daga irin waɗannan tabo ba kansa ba ne. Amma gefen harshe da ƙarƙashinsa suna cikin wuraren da kansar baki ta fi fara tsirowa, kuma a farkonta sau da yawa ba ta zafi. Cizon harshe da Malam Auwal ya ambata yakan warke cikin mako guda ko biyu, ba ya yin wata, sai dai in akwai karyayyen haƙori da ke ta gogar wurin, shi ma kuma dubawa ce za ta nuna.

Auwal Canji: Dakta, na yarda a je a duba. Amma maganar huhu fa? Ƙarya na yi?

Dakta Bilkisu: Ba ka yi ƙarya ba, rabin zancen ka ɗauko. Gaskiya ne mutumin da bai taɓa shan sigari ba, siga ko lofe kawai ya sani, kuma ba ya zuƙa, haɗarin kansar huhu a kansa bai kai na mai kwali guda a rana ba. Amma ya fi na wanda ba ya shan taba sam. Sannan ka tambayi kanka, me ya sa mai siga yake iya gamsuwa ba tare da ya zuƙa ba, alhali mai sigari in bai zuƙa ba ba ya jin ya sha komai? Amsar tana cikin abin da iyayenmu mata suka sani a madafa, wato tsami da kanwa.

Ganyen da aka fi yin sigari da shi a ɗakin zafi ake busar da shi, zaƙinsa yana nan a ciki, in ya ƙone sai hayaƙin ya fito da ɗan tsami. A cikin tsami nikotin, sinadarin da ke sa jarabar taba, ba ya iya ratsa fatar cikin baki sosai, dole sai an kai shi huhu kafin ya shiga jini. Ganyen siga kuwa a iska ake shanya shi, sannan a tara shi a jibge ya yi zafi ya ruɓa a hankali na tsawon lokaci. Hayaƙinsa ya karkata ɓangaren kanwa ne. A haka nikotin yana ratsa fatar kunci da harshe da dasashi kai tsaye ya shiga jini. Shi ya sa hayaƙin siga yake da kaifi a maƙogwaro har ba a son zuƙarsa, kuma shi ya sa ba a buƙatar zuƙar. Bakin ne ya karɓi aikin huhu.

Baba Idi Zango: 'Yata likita, Allah ya yi miki albarka, kin tuna min da wani abu. A garinmu masu daka taba gari ba sa sayar da ita sai sun zuba kanwa. Tsofaffi na cewa taba ba kanwa ba ta "kamawa". Ashe dalilin ke nan.

Dakta Bilkisu: Shi ne dai Baba, ba wani ba. Ko cingam ɗin nikotin da ake ba masu son barin taba, ana sa masa sinadarin da ke kashe tsamin baki, kuma a takardarsa ana gargaɗin kada a sha lemo ko kofi kamar minti 15 kafin a tauna, don tsami yana hana shi aiki. To wanda ya ce hayaƙi a baki kawai ya tsaya, ya sani bakin nan ƙofa ce buɗaɗɗiya. Da nikotin ba ya shiga ta nan, da yayan Malam Nura bai iya sauya kwali guda da siga biyu ya zauna lafiya ba. Jarabar tana nan, hanya kawai ta sake.

Baba Idi Zango: To amma bari in faɗi nawa, kada a ce tsoho ya yi shiru. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da lofe na tashi na gan shi. Na yumɓu ne mai dogon kara, kullum yana gefen bakinsa na hagu, har haƙoransa na wurin sun cinye sun yi masa gurbi daidai karan. Ya haura tamanin yana zuwa gona. Ban taɓa jin ya yi tari irin na masu sigarin nan ba. Ni a ganina tabar da ba ta da illar ta yanzu.

Auwal Canji: Yauwa Baba! Ga Churchill tsohon firaministan Ingila ma, hotonsa ba ya rabuwa da siga, sai da ya shekara 90 ya mutu a 1965.

Malam Tukur Malamin Makaranta: Auwal, in da sunaye za a yi hujja, kowa yana da nasa. Sigmund Freud, mashahurin likitan nan ɗan Austriya, siga yake sha, kusan ashirin a rana. A 1923 aka gano kansa a cikin bakinsa, aka yi masa tiyata fiye da talatin, aka cire wani ɓangare na muƙamuƙinsa, ya ƙarasa rayuwarsa da abin toshe rami a baki har ya mutu a 1939. Ulysses Grant, tsohon shugaban Amurka, shi ma mai siga ne, kansar maƙogwaro ta kashe shi a 1885. Shi ma Fidel Castro, tsohon shugaban Kuba, wanda ƙasarsa ke sayar wa duniya siga, ya bar sha a 1985. Mutum ɗaya da ya tsira ba ya wanke taba, kamar yadda wanda ya tsallaka titin Agege a guje mota ba ta buge shi ba bai mai da titin wurin wasa ba.

Baba Idi Zango: Malam Tukur, ni ban san waɗannan mutane ba. Mahaifina na sani.

Dakta Bilkisu: Baba, Allah ya jiƙan mahaifinka, kuma ba na musun abin da ka gani. Amma wannan gurbin da ka ce karan lofe ya yi a haƙoransa, mu alama ce a wurinmu. Wuri ɗaya ne a leɓe yake shan zafi da kwaltar hayaƙi shekara da shekaru, kuma an daɗe da sanin cewa kansar leɓe tana bin masu lofe. Rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 1964 ma ya ambace ta. Ka tuna baƙin ruwan nan mai ɗaci da ke taruwa a cikin karan lofe, wanda ake zaƙulowa da tsinke? Irinsa ne yake kwanciya a harshe da dasashi.

Ga kuma abin da mutane ba sa kawowa a rai. Wanda bai zuƙi hayaƙi ba ai yana haɗiye yawu. Kwaltar hayaƙin tana narkewa a cikin yawun, ta bi maƙogwaro, ta gangara hanyar abinci. Don haka a kansar baki da ta maƙogwaro da ta hanyar abinci, mai shan siga kullum ba shi da wata rata ta a zo a gani tsakaninsa da mai sigari. Huhu ne kaɗai ya ɗan samu sassauci, shi ma da sharaɗi.

Maganar "zallar ganye" kuma, Malam Auwal, ba takarda ce ke jawo kansa ba, ganyen ne da ƙonuwarsa. Wannan ruɓawar da ake yi wa ganyen siga, wadda ke ba ta ƙamshi, ita ce ke ƙara yawan wasu sinadarai da ake kira naitrosamin, waɗanda suke cikin manyan masu haddasa kansa a taba. Sannan ganyen da aka naɗe ta da shi bai kai takardar sigari shigar da iska ba, wuta ba ta ci da kyau, sai hayaƙin ya fi yawan kabon monoksaid, iskar nan da ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki.

Nura Obalende: Dakta, kin ce huhu ya samu sassauci "da sharaɗi". Wane sharaɗi? Don shi hujjarsa ke nan gaba ɗaya.

Dakta Bilkisu: Sharaɗin shi ne mutum ya kasance da gaske ba ya zuƙa, kuma a nan yayanka yake da matsala. Wanda ya shekara ashirin yana jan hayaƙi zuwa ƙirji, jikinsa ya riga ya koya, ba sai ya yi niyya ba. An sha gwadawa an gani, masu barin sigari su koma siga ko lofe sun fi waɗanda suka fara da siga zuƙa, ko da sun rantse ba sa yi. Kuma ba ƙarya suke yi ba, ba su san suna yi ba ne.

Ka zauna kusa da shi yau bayan isha'i ka lura, kada ka ce komai. In ya ja hayaƙin, dubi ƙirjinsa da kafaɗunsa, ko suna ɗagawa kafin ya fesar. Wanda ya tsayar a baki, hayaƙin yakan fito dunƙule, mai kauri, lokaci guda. Wanda ya zuƙa, nasa yakan fito siriri, ya daɗe yana fita, wani lokaci ya fara magana kana ganin sauran yana biyo kalmominsa.

Sai lissafin ganye. Karan sigari ɗaya bai cika giram guda na taba ba, kwali mai kara 20 ke nan bai kai giram 20 ba. Babbar siga ɗaya tana ɗauke da daga giram 5 har zuwa 20, gwargwadon girmanta. In ta yayanka mai giram 10 ce, biyu a rana giram 20 ke nan. Bai rage komai ba, wataƙila ma ya ƙara. Sigari yakan ƙare cikin ƙasa da minti goma, babbar siga kuwa tana iya cin awa guda ko biyu, kuma tsakanin ja da ja tana maƙale a leɓe, jiƙaƙƙen ganyen yana jiƙa yawu.

Nura Obalende: Wallahi awa guda take yi. In muka taso daga Obalende muka shiga gosulo a gadar Eko, yakan ɗaga gilashi ya kunna esi don kada 'yan talla su dame shi, ya kunna sigar. Kafin mu isa gida motar ta yi duhu, idona har ruwa yake yi. Kayana ma sai sun kwana a waje.

Dakta Bilkisu: To ka ga ma an gama maganar zuƙa. A motar da gilashinta ke rufe, wace iska yake shaƙa tsakanin ja da ja? Hayaƙin da ya fesar da wanda ke tashi daga bakin wutar. Shi yana zuƙa, kai ma kana zuƙa, kai da ba ka taɓa kunna ko kara ɗaya ba. Idan da yara a motar, su ma haka.

Hajiya Rabi Mile 12: Wannan ita ce ta fi ci min rai. Marigayi maigidana lofe yake sha a falo, yana cewa ƙamshi ne kawai, ba irin warin sigari ba. Labulayenmu farare sai da suka koma kalar shayi. Autarmu ta tashi da asma, ni dai ban ce shi ya jawo ba, Allah ne masani, amma duk daren da ya sha a ɗaki sai numfashinta ya tashi. Nura, kai ne ƙarami, maganarka ba lallai ta shiga ba. Ka nemi matarsa ko wani babba da yake jin nauyinsa.

Ustaz Kabiru: Jama'a, duk wannan dogon bayani, da an bi maganar malamai da ba a kai nan ba. Abin da ke cutar da jiki an hana shi, ko a takarda aka naɗe ko a ganye.

Malam Tukur Malamin Makaranta: Ustaz, haka ne, amma mutumin nan ya ɗauka ya riga ya bar mai cutarwar. Sai an fara nuna masa cewa wannan ma tana cutarwa kafin wa'azi ya same shi. Ko doka ba ta ware siga ba, dokar hana shan taba a wuraren taruwar jama'a da Jihar Legas ta yi a 2014 da ta tarayya ta 2015 duk a kan taba suke magana.

Auwal Canji: Na ji duka, kuma na karɓi na yayan Nura, don shi kullum ne kuma tsohon mai sigari ne. Amma ni ban taɓa shan sigari ba, kuma ɗaya nake sha a wata, wani watan ma ba na sha. Dakta, tsakani da Allah, ni da shi ɗaya ne?

Dakta Bilkisu: Ba ɗaya ba ne, ba zan yi maka ƙarya don in tsorata ka ba. Haɗarin yana tafiya da yawan sha da zurfin zuƙa da yawan shekaru, naka ya yi ƙasa da nasa nesa ba kusa ba. Abin da ba zan ce ba shi ne babu komai. Hayaƙin da ke shiga bakinka sau ɗaya a wata shi ne dai hayaƙin, kuma siga ɗaya babba tana iya ɗauke da nikotin da ya kai na kwalin sigari. Na ga waɗanda suka fara da ta ranar biki suka koma ta ranar Juma'a, suka koma ta bayan kowane abincin dare. Kuma in ana haɗa ta da giya, kamar yadda ake yi a wuraren da ake sayar da ita a Lekki da Victoria Island, haɗarin kansar baki da maƙogwaro ninkuwa yake yi, ba ƙaruwa kawai ba.

Auwal Canji: Ni ba na shan giya, alhamdu lillahi. Kuma shekara huɗu ke nan ban ƙara a kan ɗaya a wata ba. Ni dai ban gamsu cewa wannan ya fi hayaƙin danfo da nake shaƙa kullum a Oshodi illa ba.

Baba Idi Zango: Ɗana Auwal, na danfo dole ce ta sa ka. Wannan kuwa da kuɗinka kake saya. Ni dai har yanzu ina ganin ganyen da mahaifina yake nomawa a bayan gida ba ɗaya yake da na kanti ba, amma maganar leɓe ta tsaya min a rai, don akwai wani amininsa da suke shan lofe tare, leɓensa na ƙasa ya yi gyambo ya ƙi warkewa har ya rasu. A lokacin cewa aka yi sammu ne.

Nura Obalende: Dakta, in na shawo kansa, ina za mu je, kuma me za a yi masa? Tsoron asibiti ne da shi, in ya ji "tiyata" ba zai je ba.

Dakta Bilkisu: Ku je sashen haƙori da baki na babban asibiti, kamar asibitin koyarwa na Idi-Araba ko na Ikeja. Farko dubawa ce kawai. Likita zai sa safar hannu, ya kama harshen da ɗan ƙyalle ya juya shi, ya taɓa tabon ya ji ko yana da tauri, ya goga ya ga ko farin yana fita, ya shafa wuya da ƙarƙashin haɓa ko akwai kaluluwa. In farin ya goge, sau da yawa ƙwayar cuta ce da magani ke kashewa. In bai goge ba, ko ya yi tauri, ko akwai ja a cikinsa, za a yi masa allurar kashe zafi a wurin a ɗebi ɗan ƙanƙanin nama a kai ɗakin gwaji. Ba kwanciya, ranar zai koma gida. Ka gaya wa likitan gaskiyar shekarun sigari da adadin sigar, kada yaya ya ce "na bar taba tun bara". Ka tambaye shi kuma ko muryarsa ta dishe fiye da mako uku, ko abinci na tsaya masa in ya haɗiya. Kafin ku je, kada ya shafa wa wurin komai, kada a goga masa gishiri ko alif, kuma ya ajiye sigar.

Hajiya Rabi Mile 12: Ajiye sigar nan shi ne aikin. Ka ce masa ya zo ya raka ka a duba naka haƙorin, in kun shiga sai a duba ku duka.

Nura Obalende: A'a Hajiya, in ya gano dabara ce ba zai ƙara yarda da ni ba. Na kira matarsa yanzu, ta ce ita ma ta ga tabon tun makon jiya, tana jin nauyin yi masa magana ne. Mun shirya yau bayan isha'i zan zauna da shi a baranda in lura da yadda hayaƙin ke fita kamar yadda Dakta ta ce, sannan in karanta masa lissafin giram ɗin nan, don shi ɗan kasuwa ne, lissafi yake ji. Dakta, ana zuwa sashen kai tsaye ne ko sai da takarda daga wani likita?

Dakta Bilkisu: Ka kira ko ka leƙa gobe da safe ka tambaya a wurin yankar kati kafin ka ɗauko shi, don kada ya zo a ce ya dawo wata rana ya samu hujjar fasawa. Ka ce musu tabo ne a gefen harshen mai shan taba, ya kai wata guda.